Sirotonin da magungunan ciwon damuwa: abin da aka tabbatar da abin da ake hasashe

Mutum ya haɗiyi ƙwayar maganin ciwon damuwa da safe, kafin la'asar ta riga ta isa ƙwaƙwalwarsa ta fara aikin da aka ƙera ta dominsa. Ana iya ganin hakan a hoton ƙwaƙwalwa. Amma shi mai ciwon ba zai ji sauƙin kirki ba sai bayan mako biyu, ko huɗu, wani lokaci shida. Wannan tazara tsakanin awanni da makonni ita ce ta fi damun masu bincike tun shekaru da dama, kuma ita ce ƙofar da ta fi dacewa a shiga wannan magana ta cikinta. Domin da a ce ciwon damuwa ƙarancin wani sinadari ne kawai, maganin kuma ciko ne, da sauƙin ya zo ranar da aka cike gurbin, kamar yadda mai ƙishirwa ke wartsakewa da zarar ya sha ruwa.

Bayanin da aka fi yi wa marasa lafiya gajere ne: sinadarin sirotonin ya yi ƙasa a ƙwaƙwalwarka, wannan ƙwaya za ta daidaita shi. A cikin wannan jimla ɗaya an cusa da'awa uku, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko, cewa maganin yana taɓa hanyar sirotonin. Ta biyu, cewa ciwon daga ƙarancin sirotonin ya samo asali. Ta uku, cewa maganin yana kawo sauƙi. Ta farko tabbatacciya ce. Ta uku gaskiya ce, amma da iyaka. Ta biyu kuwa, wadda ita ce mutane suka fi riƙewa, ita ce mafi rauni a cikinsu.

Sirotonin ba a ƙwaƙwalwa aka fara gano shi ba. Wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, ya tsamo shi daga hanji a shekarun 1930. A 1948 Maurice Rapport da Arda Green da Irvine Page suka ware shi daga ruwan jini a birnin Cleveland na Amurka, lokacin da suke neman abin da ke matse jijiyoyin jini, kuma daga nan ya samo sunansa. Sai a 1953 Betty Twarog ta nuna cewa akwai shi a ƙwaƙwalwa. Har yau kimanin kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jikin mutum a hanji yake, yana motsa hanjin ya tura abinci. Wani kason kuma ƙananan ƙwayoyin jini masu daskarar da jini ne ke ɗauke da shi. Wanda ke cikin jini ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka dole ƙwaƙwalwa ta haɗa nata da kanta, daga wani sinadarin abinci mai suna tiriftofan. Wannan kaɗai ya isa a gane cewa awon jini ba zai faɗa wa kowa yawan sirotonin ɗin ƙwaƙwalwarsa ba. Babu wani gwaji a asibiti da ake yi wa mutum a ce masa nasa ya yi ƙasa, sabanin ciwon sukari, inda ɗigon jini ɗaya ke ba da lamba.

Masu haɗa sirotonin a ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne. Suna taru a wasu ƙananan gungu da ake kira rafe, a jere a tsakiyar gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ta haɗu da lakar baya. Adadinsu bai wuce 'yan dubban ɗaruruwa ba, a cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Sai dai kowace ɗaya tana da dogayen rassa masu yaɗo. Wasu rassan sun haura zuwa goshin ƙwaƙwalwa inda ake auna shawara, wasu sun nufi sashen da ke lura da tsoro, wasu sashen ajiye tunani, wasu wurin da ke kula da yunwa da barci da zafin jiki da sha'awa, wasu kuma sun gangara lakar baya inda suke rage ko ƙara jin ciwo. Tsarin da ya yaɗu haka ba zai zama na farin ciki kaɗai ba. Ya fi kama da mai saita ƙarar murya a sassa da yawa lokaci ɗaya.

Idan ƙarshen reshe ya saki sirotonin, yana zuba ne a wata 'yar rata da ke tsakaninsa da ƙwayar jijiya ta gaba. A ɗaya gefen akwai makarɓai da ke kama shi. An san iyali 7 na waɗannan makarɓai, da nau'o'i 14 a ƙarƙashinsu, kuma ba abu ɗaya suke yi ba: wani idan sirotonin ya taɓa shi sai ƙwayar jijiyar ta lafa, wani kuma sai ta zabura. Wanda ake rubutawa 5-HT3 shi ne ke tayar da tashin zuciya, shi ya sa maganin amai ondansitiron yake toshe shi. Ke nan cewa an ƙara sirotonin bai faɗi komai ba tukuna, sai an ce a ina, kuma a kan wane makarɓi.

Bayan saƙo ya isa, akwai wani ɗan famfo a jikin reshen da ya saki sinadarin, wanda ke zuƙe shi ya mayar ciki, a sake amfani da shi ko a narkar da shi. Ana rubuta sunan famfon SERT. Magungunan da aka fi bayarwa a yau, rukunin SSRI, irin su fuloksetin da sataralin da sitalofuram da faroksetin, wannan famfon suke toshewa. Idan ya toshe, sirotonin yakan daɗe a ratar.

Yadda aka zo nan yana da muhimmanci, domin magani ne ya riga bayani zuwa. A farkon shekarun 1950 likitoci masu gwada ifuroniyazid a kan masu tarin fuka suka lura marasa lafiyarsu sun sami walwala da kuzari fiye da yadda sauƙin huhu zai bayyana. Daga baya aka gane maganin yana hana narkar da sirotonin da danginsa, wato noradiranalin da dofamin. A 1957 Roland Kuhn a Suwizalan ya ba da rahoton cewa imifiramin, wanda aka fara gwadawa don wani ciwon daban, yana ɗaga masu tsananin damuwa, shi ma daga baya aka ga yana toshe famfunan zuƙa. A gefe guda akwai rahotannin cewa risafin, maganin hawan jini mai zubar da ajiyar waɗannan sinadarai, yana jefa wasu cikin damuwa. Sai aka haɗa biyu da biyu. Joseph Schildkraut ya rubuta hasashensa a 1965 yana mai da hankali kan noradiranalin, Alec Coppen kuma ya kawo na sirotonin a 1967. Su kansu a matsayin hasashe suka gabatar da shi, abin da za a gwada. Bayan hukumar magunguna ta Amurka ta amince da fuloksetin a ƙarshen 1987, tallace-tallace da takardun wayar da kai suka ɗauki hasashen suka yi ta maimaitawa har ya zama kamar abin da aka gama tabbatarwa.

Raunin wannan lissafi a bayyane yake idan aka duba wani fannin. Mai ciwon zuciya ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya, aka ba shi maganin sa fitsari, ya sami sauƙi sosai. Maganin a ƙoda ya yi aiki, amma matsalar a zuciya take. Wanda ya ce tunda maganin ƙoda ya taimaka to ƙodar ce ta lalace, ya yi kuskure, ko da yake maganin ya yi amfani da gaske. Wurin da magani ya kama ba lallai ne ya zama wurin da ciwo ya faro ba.

Bari mu bi mutum ɗaya, na misali, daga ranar farko. Mace ce mai shekara 34. Wata uku ke nan ba ta jin daɗin komai, takan farka tun asuba ba ta yi ba barci ya gagara, ta rame, tana ganin kanta nauyi ce a kan kowa. Akwai ma'auni da Max Hamilton ya tsara a 1960, mai tambayoyi 17, makinsa daga 0 zuwa 52, kuma shi aka fi amfani da shi a gwajin magunguna. A ce ta sami 24, wanda ke nuna ciwo mai ƙarfi. Likita ya tambaye ta ko ta taɓa shiga wani yanayi na kuzari mai wuce iyaka da rashin buƙatar barci, domin idan tana da ciwon da ke lilo tsakanin damuwa da zabura, wannan magani shi kaɗai zai iya tunzura zaburar. Ta ce a'a. Ya rubuta mata sitalofuram, miligiram 20 a rana.

A makon farko maganin ya cika aikinsa na sinadari. Binciken hoton ƙwaƙwalwa da Jeffrey Meyer da abokan aikinsa suka yi a Toronto, wanda ya fito a 2004, ya nuna cewa a ƙaramin ma'aunin da ake ba marasa lafiya, magungunan wannan rukuni suna toshe kimanin kashi 80 cikin 100 na famfunan. Amma abin da ita take ji a wannan makon tashin zuciya ne da sakin ciki, domin hanji ma yana da wannan famfo, kuma makarɓan amai sun sami sirotonin fiye da yadda suka saba. Tana iya jin ƙarin fargaba da rashin natsuwa. A nan mutane da yawa ke ajiye magani suna cewa ya ƙara musu ciwo. A nan ne kuma ya kamata a sa ido sosai, musamman a kan matasa: hukumar Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a 2004 game da ƙaruwar tunanin kashe kai a yara da matasa a farkon shan waɗannan magunguna, ta faɗaɗa shi a 2007 zuwa 'yan ƙasa da shekara 25. Sau da yawa tashin zuciyar yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu.

To me ya hana sauƙin zuwa tare da toshewar? Amsa ta farko da aka bayar tana da kyau, kuma tana da tushe a gwajin dabbobi. Su ƙwayoyin rafe suna da birki a jikinsu, makarɓi mai suna 5-HT1A. Idan sirotonin ya taru kusa da su, birkin yakan gaya musu cewa ya isa, sai su rage harba saƙo. Ranar farko da aka toshe famfo, sirotonin yana taruwa a wurin birkin ma, sai ƙwayoyin su ja baya, ƙarin da ake tsammani a can ƙarshen rassa ya zama kaɗan. Pierre Blier da Claude de Montigny sun nuna a kan ɓeraye a shekarun 1980 cewa bayan kimanin mako biyu birkin yana dushewa, harbawa ta koma yadda take, alhali famfo yana nan a toshe. Lokacin ya yi daidai da lokacin da marasa lafiya ke fara jin canji. Sai aka ce idan haka ne, a toshe birkin tun ranar farko mana, sauƙi ya zo da wuri. An gwada hakan da wani magani mai suna findolol. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan hanzari, wasu ba su nuna komai ba. Bayanin birki ya faɗi wani ɓangare na labarin, bai rufe shi ba.

Amsa ta biyu ta ce sirotonin somin-taɓi ne kawai, ainihin aikin gini ne. Doguwar wahala da fargaba suna sa rassan ƙwayoyin jijiya a wasu sassa su ƙanƙance a dabbobin gwaji, shan maganin na makonni kuma yana ƙara wani sinadarin raino da ake rubutawa BDNF, wanda ke taimaka wa jijiyoyi su ƙulla sababbin mahaɗa. Gini yana cin lokaci, don haka jinkirin ya sami ma'ana. Matsalar ita ce mafi yawan hujjar daga ɓeraye ta fito, kuma ɓera ba ya iya gaya wa kowa cewa yana ganin rayuwarsa ba ta da amfani.

Amsa ta uku ce ta fi gamsar da ni, ko da yake ita ma ba a gama tabbatar da ita ba. Catherine Harmer da abokan aikinta a Oxford sun nuna cewa cikin awanni ko 'yan kwanaki da fara shan maganin, yadda mutum ke karanta fuskokin mutane da yadda yake tuna kalmomi yana ɗan karkata daga gefen baƙi zuwa gefen haske, tun shi bai san wani abu ya canja ba. Mai ciwon damuwa idan ya ga fuskar da ba ta nuna komai, yakan karanta ƙi ko raini a cikinta. Idan wannan karkata ta ragu, ba ranar zai warke ba. Sai ya fita, ya gaisa da mutane, ya ga an amsa masa da fara'a, wannan ya maimaitu sau da yawa, sannan zuciya ta fara yarda. Bisa wannan fahimta, maganin yana buɗe ƙofa ne, abin da zai shigo kuma ya dogara da rayuwar da mutum yake ciki. Wannan zai iya bayyana abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa haɗa magani da zaman tattaunawa da ƙwararre ya fi kowane ɗaya shi kaɗai, kuma wanda ya koma cikin gallazawar da ta kwantar da shi ba ya cin moriyar ƙwayar kamar wanda yanayinsa ya sassauta.

A mako na shida a ce makin matar nan ya sauko daga 24 zuwa 11. A harshen masu bincike ta amsa magani, tunda makin ya ragu da fiye da rabi. Ba a ce ta warke ba sai ya kai 7 ko ƙasa. Tana barci, tana cin abinci, amma ta lura sha'awarta ta aure ta yi sanyi, kuma abin da ya kamata ya sa ta kuka ko dariya yana wuce ta kamar ta bayan gilashi. Duka biyun sanannu ne ga wannan rukuni na magani, kuma mutane kan ji nauyin faɗa, don haka likita ne ya kamata ya tambaya.

Shin saukar makinta ya tabbatar da cewa sirotonin ɗinta ne ya yi ƙasa? Hanya mafi kai tsaye ta gwada wannan ita ce a rage wa mutum sirotonin da gangan a ga me zai faru. Ana yin haka ta hanyar ba shi wani haɗin sinadaran abinci da babu tiriftofan a ciki, cikin awanni ƙwaƙwalwa ta rasa kayan haɗi. Mutane masu lafiya da ba su da tarihin ciwon, a kansu ko a danginsu, ba sa faɗawa cikin damuwa. Waɗanda suka warke ta hanyar maganin sirotonin kuwa, da yawansu alamun kan dawo musu na ɗan lokaci, kamar yadda Pedro Delgado da abokan aikinsa suka nuna a 1990. Abin da wannan ke faɗa a tsanake shi ne sauƙin da maganin ya kawo yana jingine da sirotonin, amma rashin sirotonin shi kaɗai ba ya haifar da ciwon. Awon abin da sirotonin ke bari bayan an narkar da shi, a ruwan lakar baya, bai ba da bambanci tsayayye tsakanin masu ciwon da marasa shi ba. Wani binciken gado da ya yi tashe a 2003, wanda ya danganta wani nau'in ƙwayar halittar famfon da kamuwa da damuwa bayan bala'i, bai tsaya ba da aka sake gwada shi a 2019 a kan dubban ɗaruruwan mutane. Ga kuma magungunan da ke kawo sauƙi ba tare da sun dogara da famfon sirotonin ba: bufurofiyon yana aiki ta dofamin da noradiranalin, ketamin kuma ta hanyar wani sinadarin saƙo daban mai suna gulutamet, kuma nasa sauƙin cikin awanni yake zuwa.

A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka tattara irin waɗannan bincike suka kammala da cewa babu hujja tsayayyiya da ke nuna ƙarancin sirotonin ne ke jawo ciwon damuwa. Maganar ta zagaya duniya. Wasu gungun masana suka mayar da martani a 2023, suna sukar yadda aka zaɓi bincike da yadda aka auna su, suna cewa akwai alamun sirotonin yana da hannu a wasu marasa lafiya. Abin lura shi ne ko masu martanin ba su tsaya kare tsohon bayanin nan na ƙarancin sinadari ba. Abin da ya ba ni takaici a lokacin shi ne yadda aka karanta labarin a waje: mutane suka ji an ce magani ba ya aiki, alhali binciken bai auna aikin magani ba ko kaɗan.

Wannan tambaya ce daban, kuma gwajin da ake kwatanta magani da ƙwayar wofi, wato mai kama da magani amma babu magani a cikinta, shi ne ke amsa ta. Mafi girman tattarawa ita ce ta Andrea Cipriani da abokan aikinsa a 2018: gwaji 522, mutane sama da 116,000, magunguna 21. Dukkansu sun fi ƙwayar wofi. Amma fifikon matsakaici ne. A ma'aunin Hamilton, masu shan magani sukan sauko da kimanin maki 10, masu shan wofi da kimanin 8, bambancin ya zama kusan maki 2. Waɗannan maki 8 ba yaudara ba ce: a cikinsu akwai sauƙin da lokaci ke kawowa, da kulawar da mutum ke samu idan ana ganinsa duk mako ana tambayarsa, da fatan samun sauƙi. Kuma sakamakon da likitoci suka daɗe suna gani ya fi ainihin gaskiyar kyau, domin Erick Turner ya nuna a 2008 cewa daga cikin gwaji 74 da aka miƙa wa hukumar Amurka, kusan rabi ne kawai suka nuna nasara, amma a abin da aka buga a mujallu sai ka ɗauka kashi 94 cikin 100 ne, saboda da yawa daga marasa nasarar ba a buga su ba, wasu kuma an rubuta su kamar sun yi nasara.

Sai dai matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane. Maki 2 na iya nufin kowa ya sami kaɗan, ko kuma wasu sun sami mai yawa wasu ba su sami komai ba. Wani nazari na 2022 a kan bayanan gwaji 232 ya karkata ga na biyun, inda ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 suna samun babban amfani fiye da abin da wofi zai ba su. Ba a da wani awo da zai nuna tun farko wa ke cikin wannan kaso. Matar misalinmu ba za ta taɓa sanin maki nawa cikin 13 ɗin da ta sauko na ƙwayar ne ba, likitanta ma haka. Wannan ya dace da abin da ake zato, cewa abin da muke kira ciwon damuwa suna ɗaya ne a kan yanayi iri-iri: mutum biyu na iya samun wannan suna, ɗaya ba ya barci ba ya ci, ɗaya kuma barci da ci sun yi masa yawa. Inda hujjar maganin ta fi ƙarfi shi ne hana komawa. Wata tattarawa ta 2003 ta sami cewa cikin waɗanda suka warke, kashi 18 cikin 100 ne ciwon ya dawo musu idan suka ci gaba da magani, kashi 41 idan aka mayar da su kan wofi. Shi ya sa ake shawartar a ci gaba aƙalla wata shida bayan an sami sauƙi. Ko a nan akwai abin dubawa, domin wasu daga cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin masu komawa ciwo wataƙila raɗaɗin yanke magani ne ya same su.

Tun tana kan maganin akwai abubuwa biyu da sanin hanyar sirotonin ke kare ta daga gare su. Ƙwayoyin jini masu daskarar da jini da wannan famfon suke tara nasu sirotonin, don haka toshe shi yana ɗan ƙara haɗarin zubar jini a ciki, musamman idan aka haɗa da asfirin ko ibufurofin. Na biyu ya fi gaggawa: idan aka haɗa shi da wani maganin da ke ƙara sirotonin, kamar turamadol ko tsofaffin magungunan da ke hana narkar da shi, sinadarin na iya yin yawa har ya zama guba. Alamunsa rawar jiki, gumi, zazzaɓi, gudawa, ruɗewa, da fizgar tsoka musamman a idon sawu, kuma sukan taso cikin awanni. Wannan na asibiti ne nan take. Yawan sirotonin ba ya kawo yawan farin ciki.

A ce shekara ta zagayo, tana lafiya, ita da likitanta suka yanke shawarar dainawa. A nan bayanin ƙarancin sinadari yake yin ɓarnarsa mafi girma. Wadda aka gaya wa ƙwaƙwalwarta ba ta iya haɗa abin da take buƙata za ta ɗauka ita da ƙwaya sai mutuwa. Idan kuma ta yanke shi rana ɗaya, bayan kwana biyu ko uku jiri ya kama ta, da tashin zuciya, da mugayen mafarkai, da saurin fushi, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai idan ta juya ido, za ta ce ga shaida, ciwon ya dawo. Alhali ƙwaƙwalwa ce da ta shekara tana daidaita kanta da famfo a toshe aka buɗe mata shi farat ɗaya. Ana iya bambancewa: raɗaɗin yankewa yana zuwa cikin kwanaki, yana ɗauke da alamun jiki da ba ta taɓa ji ba a asalin ciwonta, kuma yakan lafa da sauri idan ta koma kan ma'aunin da ta bari. Komawar ciwo takan taso a hankali cikin makonni, da irin fuskar da ta sani. Magungunan da ke saurin fita daga jiki, kamar faroksetin da benlafaksin, sun fi jawo wannan raɗaɗi. Fuloksetin, wanda ke ɗaukar makonni kafin ya gama fita, ya fi sauƙi.

Hotunan ƙwaƙwalwar nan na Toronto sun koyar da yadda ya kamata a sauka. Toshewar famfo ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan miligiram. Mark Horowitz da David Taylor sun yi lissafin a 2019 a kan sitalofuram: miligiram 40 yana toshe kimanin kashi 86 cikin 100, miligiram 20 kimanin 80, miligiram 9 kimanin 70, miligiram 5 kusan 60, kuma ko miligiram 1.5 yana riƙe da kimanin 30. Ke nan sauka daga 20 zuwa 10 ɗan taki ne, bai fi kashi 10 ba, amma daga 5 zuwa babu faɗowa ce ta kusan kashi 60 a dare ɗaya, duk da cewa a ido ƙwayar ta zama 'yar mitsitsiya. Saboda haka ga wadda ta daɗe a kan magani, ko ta taɓa shan wahala wajen ragewa, matakan ƙarshe ne ya kamata su fi ƙanƙanta: daga 20 zuwa 10, zuwa 5, zuwa 3, zuwa 2, zuwa 1, har ƙasa da haka, da makonni biyu zuwa huɗu tsakanin kowane mataki, a tsaya ko a koma baya taki ɗaya idan alamu suka taso. Ƙwaya ba ta yankuwa daidai zuwa irin waɗannan ƙananan ma'aunai, don haka a matakan ƙarshe likita kan koma ga maganin na ruwa, wanda ake aunawa da ɗigo ko sirinji.